Lissafin Buɗe Gidan Gem a Digel

A wannan wata muna so mu baje muku wani lissafi da ya ɗauke mu wata uku muna juya shi, mu malaman makaranta biyar da ke zaune a unguwar Digel, nan Njamena. Shekara uku ke nan muna zubin adashe, har abin da muka tara ya kai sefa 1,500,000. Wanda ya san albashin malami ya san wannan kuɗi ba tsintarsa aka yi ba, kuma in ya zube, sai an sake wata shekara ukun kafin a ga irinsa. Shawarar da muka tsaya a kanta ita ce mu buɗe ɗan ƙaramin gidan gem, wato ɗakin da yara da samari ke biya su buga wasa a na'urar PlayStation. Mun ga ya dace mu rubuta yadda muka yi lissafin, domin mun san akwai 'yan uwa a Abeshe da Mundu da Sar da ke da irin wannan niyya. Duk kuɗin da za mu ambata da sefa ne, wanda ya saba ƙirga da dala sai ya raba biyar.

Kafin mu taya ko da waya ɗaya a kasuwa, sai da muka fara neman sanin abin da masu wasan ke bugawa. Muka raba kanmu, muka riƙa zama a gidajen gem uku na unguwarmu da yamma har mako biyu, kowa da littafinsa irin na kiran suna, duk wasan da aka kunna sai a ja layi. Da muka haɗa littattafan, sai muka tarar cikin kowane wasa goma, wajen takwas ƙwallon ƙafa ne. Ɗaya na faɗa ne, irin su Mortal Kombat da Tekken, ɗayan kuma GTA ne, wanda yaro ke yawo da mota cikin gari shi kaɗai. Wasannin harbi kamar Free Fire da PUBG kuwa, samarin a wayoyinsu suke yi, a kan dakali, ba mai biyan kowa ko dala. Wannan kaɗai ya sa muka ajiye maganar sayen kwamfutoci. Kwamfuta mutum ɗaya take zaunarwa, tana kuma son intanet mai ƙarfi, alhali PlayStation mutum biyu take ɗauka a allo ɗaya, kuma ƙwallo a faifai ba ya neman intanet kullum.

To, da yake ƙwallo ne cinikin, sai tambaya ta koma: wace na'ura ce ke ɗauke da ƙwallon da yaran ke so? A nan shekarun na'ura suke da magana. PlayStation 3 ta fito a 2006, ta 4 a 2013, ta 5 a 2020. Kamfanonin wasan ƙwallo sun daɗe da daina yi wa ta 3 sabo: na ƙarshen da ta samu su ne PES 2018 da FIFA 19. A cikin FIFA 19 ɗin Messi yana Barcelona, Ronaldo yana Juventus, Mbappé yana Paris, Lamine Yamal kuwa babu shi sam. Yaron da ya kalli Mbappé jiya da dare cikin rigar Real Madrid, inda ya koma a 2024, ba zai yarda ya biya cikakken kuɗi ya buga da ƙungiyoyin da suka watse ba. Ita kuwa ta 4, ko bayan da FIFA ya canja suna ya koma EA Sports FC a 2023, an ci gaba da fitar mata da shi, har da FC 26 na 2025. Ke nan ƙwallon da ke kan ta 5 yana kan ta 4, da 'yan wasa iri ɗaya, illa dai hoton ta 5 ya fi kyau da laushi. Inda ta 5 ta yi wa ta 4 nisa shi ne sababbin wasannin faɗa, domin Mortal Kombat 1 na 2023 da Tekken 8 na 2024 ba a yi su don ta 4 ba. Amma fa mun riga mun ga faɗa kashi ɗaya ne cikin goma, kuma Mortal Kombat 11 da Tekken 7 suna nan a ta 4, yara ba su gaji da su ba.

Daga nan muka shiga kasuwa. Abin da muka koya tun farko shi ne kuɗin na'ura dabam, kuɗin mazauni dabam. Mazauni a wurinmu shi ne duk abin da mutum biyu ke bukata su zauna su yi wasa: na'urar, da talabijin, da abin riƙewa guda biyu wanda yaranmu ke kira manet, da benci da tebur da wayoyi. Mun taya a babbar kasuwa da kasuwar Dembe, ɗayanmu kuma ya haye gadar Ngeli zuwa Kuseri ya jiyo na can. Ga matsakaicin abin da aka gaya mana a lokacin. Mazaunin ta 3, na'ura 'yar gwanjo 60,000, talabijin inci 32 a 70,000, manet biyu 20,000, benci da tarkace 20,000, jimla 170,000. Mazaunin ta 4, na'ura 'yar gwanjo 130,000, manet biyu 40,000, talabijin da benci kamar na farko, jimla 260,000. Mazaunin ta 5 kuwa ya tashi 600,000, domin na'urar kanta 400,000 ce, manet ɗaya tak take zuwa da shi sai an ƙara na biyu a 50,000, manet ɗin ta 4 ba ya buga wasannin ta 5, sannan ba ma'ana a haɗa ta da ƙaramin allo, sai mai inci 43 na 130,000.

A lura da wani abu a nan. Na'urar ta 3 ba ta kai rabin kuɗin ta 4 ba, amma mazauninta ya kai kusan kashi biyu cikin uku na mazaunin ta 4, saboda talabijin da benci ba ruwansu da tsufan na'urar da aka jona musu. Wanda ya dubi kuɗin na'ura kawai zai ɗauka ya yi araha da yawa, alhali arahar kaɗan ce.

Sai kuma abin da mazauni ke kawowa. A unguwarmu da wasa ake biyan ƙwallo, ba da awa ba, kuma bisa al'ada wanda aka ci shi ke biya. Inda muka zauna, ta 3 sefa 50 ce, ta 4 sefa 100, ta 5 sefa 200. Wasa ɗaya, in aka haɗa da zaɓen ƙungiya da jera 'yan wasa da gardamar da ba a rasawa, yana cin wajen minti goma sha biyu, wato wasa biyar a awa. Mu kuma daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare za mu buɗe, in aka cire lokacin sallar magariba da lisha, saura awa biyar. A takarda wasa 25 ke nan, amma ba mazaunin da ke cika daga buɗewa har rufewa, don haka muka yi lissafi da wasa 15. Ta 3 za ta kawo 750 a yini, ta 4 kuma 1,500. Ita ta 5 wasa 10 muka ba ta, domin mun ga da idonmu yadda ake taruwa a kalle ta, amma masu iya fitar da 200 sau biyu a jere kaɗan ne. Nata ya zama 2,000.

Yanzu sai a raba kuɗin kowane mazauni da abin da yake kawowa a yini, a ga kwana nawa zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa, tun ba a cire haya da mai ba. Ta 3 kwana 227, ta 4 kwana 173, ta 5 kwana 300. Ɗayanmu, malamin lissafi, ya ce a yi wa ta 5 adalci a ba ta wasa 15 kamar sauran. Muka ba ta, ta sauko kwana 200, duk da haka tana bayan ta 4. Ashe ta tsakiyar ce mai riba, ba mai araha ba, ba kuma mai tsada ba. Dalilin a fili yake: mazaunin ta 5 ya fi ninki biyu na ta 4 tsada, amma kuɗin wasanta ninki biyu ne kacal, kuma ƙwallon ɗaya ne.

Ba duka 1,500,000 ɗin ne za su tafi mazaunai ba. Akwai kayan da kowa ke ci a ciki: janareta, wanda a nan muke ce wa gurup, da na'urar daidaita ƙarfin wuta, da jan waya, da fanka biyu, da ƙofar ƙarfe, da hayar wata uku da mai ɗaki ya nema a gaba. Waɗannan sun cinye 400,000. Muka ware 100,000 muka ce ba mai taɓa su sai ranar da wani abu ya ƙone. Saura 1,000,000, kuma hanya uku ce a gabanmu. Ko mu sayi ta 5 ɗaya da ta 4 ɗaya a 860,000, mu samu 3,500 a yini. Ko ta 3 guda biyar a 850,000, mu samu 3,750. Ko kuwa ta 4 guda uku da ta 3 ɗaya a 950,000, mu samu 5,250, ragowar 50,000 mu sayi faifai.

Abin da ya ƙarasa yanke hukuncin shi ne wuta. Duk mazaunin Digel ya san yadda wuta take, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa na neman fanka, ita kuma ta yi ɓatan dabo. Ta 4 siririya tare da talabijin ɗinta na jan kimanin wat 130, ta 5 kuwa ita kaɗai tana kai wajen 200 in ana wasa. Mazaunanmu huɗu da fanka biyu da ƙwan fitila sun tashi wajen wat 700. Ƙaramin gurup a kan wannan nauyi yana shan kusan lita ɗaya a awa ɗaya da rabi, wato lita uku da 'yan kai a yammaci guda. A Fabrairun 2024 aka ɗaga litar fetur a ƙasar nan daga 518 zuwa 730, da wannan farashi muka yi lissafi, sai ya ba mu kusan 2,400 a duk ranar da ba wuta. To ga inda maganar take: gurup ba ya rage shan mai daidai da yadda aka rage masa kaya. Ko na'ura biyu yake ja, sai ya sha abin da ya doshi na huɗun, domin injin yana juyawa da gudu ɗaya, fanka da fitila kuma suna nan. Mai mazauni biyu da ke samun 3,500, in ya ba gurup wajen 2,000, bai tsira da rabi ba. Mai huɗu da ke samun 5,250, ko ya ba da 2,400, saura fiye da rabi a hannunsa. Saboda haka a garin da ake dogara da gurup, yawan mazaunan da ke raba kuɗin mai ya fi kyawun na'ura ɗaya amfani.

Mai karatu zai ce, in ta 3 ce ta fi ta 4 jinkirin mayar da kuɗi, me ya sa muka sa ta a ciki? Dalili biyu ne. Na farko, kuɗin bai kai ta 4 guda huɗu ba, domin 1,040,000 za su ci, ban da faifai. Na biyu ya fi wannan nauyi. Mai buga GTA shi kaɗai yake zama, kuma wasansa ba shi da busa ta ƙarshe, sai dai a yanka masa lokaci. In aka ce sefa 100 minti goma sha biyar a kan ta 4, awa ta kawo 400, alhali ƙwallo zai kawo 500, ga kuma mutum shida a tsaye suna jiran layi har su gaji su tafi wani gida. GTA V ya fito a kan ta 3 tun 2013, kuma yana tafiya lafiya. Saboda haka muka mai da ta 3 wurin masu dogon wasa da ƙananan yara masu sefa 50, waɗanda ba su damu da ko wane kulob Messi yake ba, manyan ukun kuma muka bar wa ƙwallo da faɗa.

Ga yadda wata yake kasancewa a takardarmu. Sefa 5,250 sau kwana 30 ya ba da 157,500. Haya 25,000, yaron da zai tsare wurin 30,000, mai na kwana 15 da muka ƙaddara ba wuta 36,000, kuɗin wuta 10,000, ajiyar sayen manet 15,000, ajiyar sabon faifan ƙwallo da ke fitowa duk shekara 5,000, haraji da shara 5,000. Jimla 126,000, abin da ya rage 31,500 ne kacal. Da muka ga wannan adadi sai ɗakin ya yi tsit, domin a haka sai an shekara huɗu kafin uwar kuɗi ta dawo. Abin da ya ceci shirin shi ne ranakun ƙarshen mako, wajen takwas a wata, da za a buɗe tun hantsi ciniki ya ninka. Wannan ƙarin 42,000 ne, a cire mai 10,000, sai ribar wata ta koma kimanin 63,000, uwar kuɗi ta dawo cikin kusan shekara biyu. A watan Afrilu kuwa, in aka kwana talatin a kan gurup, abin da zai rage bai kai 30,000 ba. Duk wanda aka gaya wa gidan gem yana mayar da kuɗi cikin wata shida, to ya nemi a nuna masa inda aka rubuta mai da manet.

Maganar manet ɗin tana son a tsaya a kanta, domin shi ne abin da ke mutuwa da wuri. Ƙwallo yana cin sandar hagu da maɓallan gudu, wasan faɗa kuwa duka yara ke yi wa maɓallan. Alamar manet ya fara gajiya ita ce a ajiye shi a tebur ba mai taɓawa, a ga ɗan wasa yana tafiya da kansa. Daga ranar rigima ta fara, duk wanda aka ci sai ya ce manet ne, ya ƙi biya. Jabu sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, sai an ɗaga a ji ba nauyi, batirinsu kuma ba ya daɗewa. Shi ya sa muka sa 15,000 a kowane wata, muka kuma yi magana da wani mai gyaran waya a bakin kasuwar Digel wanda ya iya canja sandar, don kada a riƙa jefar da manet saboda abu ɗaya.

Sayen 'yar gwanjo ma da ƙa'idarsa. A jikin kowace ta 4 akwai lamba da ta fara da CUH. Wadda ta fara da CUH-1 ta farkon ce mai kauri, ta fi cin wuta da yin zafi. CUH-2 ita ce siririyar da muke nema. CUH-7 kuwa ita ce Pro, ta fi tsada da jan wuta, kuma a talabijin inci 32 ba wanda zai ga bambancin da ya kai kuɗin. Mun yi alkawari ba za mu biya ba sai an kunna na'ura a gabanmu an buga wasa na awa guda. In fankarta ta fara ruri kamar babur, ƙura ta toshe ta ko man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta ya bushe. In fitilarta ta tsaya tana ƙyafta shuɗi ba ta koma fari ba, a bar wa mai ita kayarsa. A girgiza wayar HDMI a hankali a ga ko hoto zai ɗauke, a sa faifai a fitar sau uku, a duba tambarin da ke bayanta ko an taɓa buɗe ta. An kuma yi mana tayin waɗanda aka yi wa kutse aka cika da wasanni, muka ce a'a, domin kayan wani ne ba a biya ba, sannan ranar da yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, wasannin sun rufe ke nan.

Bayan saye sai kiyayewa. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne abokan gabar waɗannan na'urori, damina kuma mun ga abin da ruwa ya yi wa unguwannin Njamena a 2022 da 2024. Saboda haka kanta za mu kafa a bango, kamu uku daga ƙasa, kowace na'ura da sarari a bayanta don iska, a rufe da ƙyalle in an tashi, a kai a busa ƙura duk wata uku. Ba za a jona komai kai tsaye ba sai ta na'urar daidaita wuta, kuma in za a koma gurup, sai an kashe na'urorin tukuna ya daidaita, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wasa tana lalata ma'ajiyar da ke cikinsu.

Saura abu biyu da ba na inji ba. Na ɗaya canji, wanda kowa ya san wahalarsa a garin nan. Za mu buga tikiti masu lamba, na 50 da na 100, mai 500 ya karɓi biyar ya riƙe. Wannan ya kashe rigimar canji, ya kuma sauƙaƙa wa yaron shago, domin da dare ƙirga tikiti kawai za a yi a gwada da kuɗin akwati, ba zargi ba rantsuwa. Na biyu kuwa shi ne sunanmu. Mu malamai ne, iyayen yaran nan sun san fuskokinmu, wasu ma a ajinmu 'ya'yansu suke. Mun san gidajen da ke buɗewa da safe suna samun abin da ba za mu samu ba, amma kuɗin yaron da ya gudo daga aji ba namu ba ne. Dokokinmu huɗu za a rubuta a ƙofa da Hausa da Larabci da Faransanci: ba a buɗewa lokacin karatu, ana rufewa lokacin salla, ba caca a kan wasa, ƙananan yara kuma su tafi gida da an kira magariba. Mun sa asarar da waɗannan dokoki ke jawowa cikin lissafin tun farko, shi ya sa awa biyar muka ƙirga ba goma ba, don kada wata rana matsi ya sa mu fara sassautawa.

Inda muke yanzu, an biya haya, kafinta yana kan benci, biyu daga cikin na'urorin sun ci jarrabawar awa guda, muna neman ta uku. Mun kuma rubuta a littafin adashe cewa ba za a sake tayar da maganar ta 5 ba sai ɗayan abu biyu ya faru: ko a daina fitar da sabon ƙwallo a kan ta 4, ko littafin tikiti ya nuna mazaunan ukun suna haura wasa 20 a yini wata uku a jere. Ɗan uwan da ke da irin wannan niyya a wani gari, kada ya kwafi adadinmu, domin haya da wuta da aljihun yara sun bambanta. Ya ɗauki littafi ya je ya zauna mako biyu ya ja nasa layukan, sannan ya shiga kasuwa. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nema, ya shirya mana zuriya. Wassalam.